Yadda za ka sa mai ɗaukar ma'aikata ya lura da kai a LinkedIn ba tare da roƙo ba

Duk lokacin da wani jami'in ɗaukar ma'aikata ya yi rubutu a LinkedIn, ba a jimawa sai ka ga matasa sun yi dafifi a ƙarƙashinsa. Mafi yawansu kalma ɗaya suke rubutawa, "Interested". Wasu kuma su ajiye lambar waya, su haɗa da bayanin shekarun da suka yi zaune a gida. Duk wanda ya san raɗaɗin rashin aiki ba zai ga laifinsu ba. Sai dai irin wannan magana da wuya ta kai mutum ga intabiyu, kuma akwai dalili.

An buɗe LinkedIn a 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016, kuma a 2023 masu rajista a cikinsa suka kai biliyan ɗaya. Wurin haɗuwar ma'aikata ne da masu neman su. Jami'in da ke neman ma'aikaci shi ma ɗan aike ne: wani shugaban sashe ya ce masa a samo wanda ya iya kaza da kaza, kuma in ya kawo wanda bai iya ba, shi za a tuhuma. Don haka abin da idonsa ke nema shi ne shaidar iyawa. Wanda ya rubuta roƙo ya nuna masa buƙatarsa ne kawai, alhali kowa a wurin mabuƙaci ne. Wanda ya faɗi abin da ya sani game da aikin ya ba shi abin da zai iya kai wa na gaba da shi.

Kafin ka rubuta komai, fara da gyara layin da ke ƙarƙashin sunanka, wanda ake kira "Headline". Duk inda ka tsoma baki, hotonka da sunanka da farkon wannan layi suna bayyana tare da maganarka. Yana ɗaukar haruffa 220, amma a waya kalmomin farko kaɗai ake gani. In ya fara da cewa kai marar aiki ne mai neman kowane irin aiki, ka riga ka yi roƙon tun kafin ka buɗe baki. In ya fara da sana'arka, misali lissafin kayan sito da aiki da Excel, to shi zai yi maka talla. Haka kuma alamar "Open to Work" tana da zaɓi biyu: koren zobe a jikin hotonka wanda kowa ke gani, ko kuma a nuna wa masu ɗaukar ma'aikata kaɗai. Ko wanne ka zaɓa, ya riga ya sanar cewa kana nema, ba sai ka maimaita da bakinka ba.

Sai kuma zaɓen inda za ka yi magana. Rubutu iri biyu ne. In sanarwar gurbin aiki ce, a bi hanyar da aka gindaya a cika takardar nema, domin a can ake tattara sunaye. Inda ake samun damar fitowa fili shi ne rubutun da jami'in, ko shugaban sashen da kake so, ya yi a kan wata matsala ta aikin.

A ce wata matashiya ce a Kano, ta karanta aikin akanta, ta yi hidimar ƙasa a siton wani kamfanin rarraba kayan masarufi. Sai ta ga manajan wata masana'antar shinkafa ya rubuta cewa kowane ƙarshen wata adadin buhunan da ke cikin littafi ba ya dacewa da na cikin sito, har ya fara zargin ma'aikatansa. Jami'ar ɗaukar ma'aikatan kamfanin ma ta yaɗa rubutun. Ko da Turanci matashiyar za ta rubuta, kamar yadda aka fi yi a wurin, ma'anar maganarta za ta kasance kamar haka:

"Yallaɓai, batun zargin ma'aikata ya tuna min da abin da na gani a siton da na yi hidimar ƙasa. Mafi yawan giɓin ya fito ne daga motocin da ke lodi da yamma, domin sai washegari ake shigar da takardar fitar kayansu, wani lokaci ma a manta. Da aka hana mota fita sai an rubuta a katin kaya, aka kuma koma ƙirga kayan da suka fi tafiya duk mako, sai giɓin ya ragu ƙwarai. A wurinku wa ke sa hannu a takardar fitar kaya, sitokifa ko mai gadin ƙofa?"

A duba abin da ta yi. Jimlar farko ta kama wani takamaiman abu daga rubutun, wanda ya nuna ta karanta shi har ƙarshe. Biyun tsakiya sun kawo abin da ta gani da idonta, da sanadinsa da maganinsa, kuma a nan manajan zai gane ta taɓa aikin sito ba tare da ta yabi kanta ba. Ta rufe da tambayar da manajan zai iya amsawa cikin layi ɗaya. Ba ta ambaci sunan tsohon wurin aikinta ko adadin kayansu ba, domin wanda ya tona asirin inda ya baro zai tona na inda zai je. LinkedIn ya ba da damar haruffa 1,250 a irin wannan wuri, amma jimla uku ko huɗu sun wadatar.

Gane maganar da ta koma roƙo ba shi da wuya. Ka ɗauke ta a zuciyarka ka ajiye a ƙarƙashin wani rubutun daban. In ta zauna daidai a can ma, to ba ta ce komai ba. Yabo mai yawa, ambaton sunan jami'in sau da sau, da bin kowane rubutu nasa kullum, duk suna nuna ƙosawa. Kada a manta cewa maganganunka suna taruwa a sashen "Activity" na shafinka, kuma jami'in da ya leƙo zai iya ganin "Interested" da ka watsa a wurare hamsin. Ajiye lambar waya a fili kuwa gayyato 'yan damfara ne, masu kira su ce a biya kuɗin fom ko na horo. Kamfanin kirki ba ya karɓar kuɗi kafin ya ba ka aiki.

In manajan ya amsa, ka mayar masa da amsa a kan batun, ka tsaya nan. Bayan kwana ɗaya ko biyu za ka iya aika masa buƙatar "Connect" da ɗan gajeren saƙo mai tuna masa hirar da kuka yi. Maganar aiki sai gurbi ya fito, ka cika takardar nema, sannan ka sanar da shi cewa ka nema. In kuma shiru ka ji, ba asara ka yi ba, domin sauran masu sana'ar da suka karanta sun ga sunanka.

Wannan hanya tana da iyaka. Ba ta maye gurbin takardun shaida ko intabiyu, kuma wanda ya ƙirƙiro gogewar da ba shi da ita, tambaya biyu za ta fallasa shi. Saboda haka, matasanmu, ku zaɓi mutum biyar zuwa goma a fannin da kuka sani, ku riƙa karanta rubutunsu da natsuwa, ku yi magana kawai a ranar da kuke da abin da zai amfani mai karatu.