Yadda Ake Gane Tambayar Jarrabawar da ke Auna Tunanin Likita, Ba Hadda Ba

Tambayar zaɓi, wadda ɗalibai ke yi wa laƙabi da canki-in-canka, tana da sassa uku: labarin majiyyaci, da jimlar da ke yin tambayar, da jerin amsoshi huɗu ko biyar waɗanda ɗaya ce ta fi dacewa a cikinsu. Ɗaliban likitanci da na jinya da ungozoma suna shafe watanni suna bitar ɗaruruwan irinta kafin jarrabawa, daga tsofaffin takardu da littattafan atisaye. Ba duka ne suka cancanci wannan lokacin ba. Wasu hadda kawai suke gwadawa, wasu kuma rubutunsu ne ke tona amsar, har wanda bai taɓa shiga ɗakin majiyyata ba ya cinye makin.

A ɗauki jijjigar masu ciki, cutar da hawan jini ke gaba da ita, wadda ke sa mai juna biyu ta riƙa sanƙarewa tana fizge-fizge. Ana iya tambaya kamar haka: wane magani ne makarin gubar magneziyam salfet? Amsar ita ce kalsiyam gulukonet. Tambayar daidai take, amma wanda ya haddace layi ɗaya a littafi zai amsa ta cikin ƙiftawar ido. Ba ta nuna ko zai gane gubar ba in ya tarar da ita a kan gado, alhali majiyyaciya ba ta zuwa da sunan matsalarta a rubuce.

Ga batun nan kuma da aka sāke masa tsari. Wata mace mai shekara 19, mai cikin fari na mako 36, ta yi jijjiga a gida, aka kawo ta asibiti awon jininta 170/110. Aka fara mata magneziyam salfet, ba a ba ta wani maganin ciwo ko na barci ba. Bayan awa shida sai aka same ta a galabaice, tana numfashi sau 10 a minti ɗaya, ƙafarta ba ta zabura in an buga jijiyar gwiwa, fitsarinta mililita 15 a awa, awon jininta ya sauko 140/90, huhunta babu ƙarar ruwa. An dakatar da magneziyam, an sa mata iskar taimakon numfashi. Wane magani ya fi dacewa a ba ta yanzu? Amsoshin su ne: diyazifam, firosimaid, haidiralazin, kalsiyam gulukonet, nalokson.

Amsar ba ta canja ba, amma hanyar isa gare ta ta canja. Babu inda aka ambaci guba. Dole ɗalibi ya san cewa ƙoda ce ke fitar da magneziyam daga jiki, don haka in fitsari ya gaza mililita 30 a awa maganin zai taru a jini. Dole ya san cewa taruwar na fara kashe zaburar gwiwa, daga baya ta danne numfashi. Sai ya haɗa alamomin uku ya gano matsalar, sannan ya zaɓi makarinta. Mataki biyu ke nan ko uku kafin a kai ga amsa, kuma wannan tazarar ce ake nufi da auna tunani.

Gwaji na farko da ake yi wa kowace tambaya shi ne rufe amsoshin da hannu. Littafin jagorar rubuta tambayoyi na hukumar jarrabawar likitoci ta Amurka, NBME, ya daɗe yana jaddada shi. In wanda ya san fannin zai iya faɗin amsar ba tare da ganin jerin ba, tambayar ta fuskanci abu ɗaya. Ta sama ta tsallake wannan. Wadda ke cewa "wanne ne gaskiya game da jijjiga?" ba za ta tsallake ba, domin tarin ƙananan tambayoyi ne na gaskiya-ko-ƙarya da aka cusa a buhu ɗaya.

Gwaji na biyu ya fi muhimmanci, domin shi ke tona asirin labarin ado. Akwai tambayoyin da ke kawo dogon labari, da shekaru da awon jini da sakamakon gwaji, sannan su ƙare da tambayar da ba ta buƙatar ko ɗaya daga ciki. Ana gane su ta hanyar share labarin: in har ana iya amsawa daga jimlar ƙarshe kaɗai, hadda ce aka yi wa kwalliya. Haka kuma ana iya canja bayani ɗaya ko biyu a ga ko amsar za ta motsa. Da matar tana numfashi lafiya, gwiwarta na zabura, amma awon jininta 180/120, da haidiralazin ne amsar. Da an yi mata allurar fetidin, gwiwar kuma na zabura, da nalokson ne. Labarin da amsa ke juyawa da juyawarsa shi ne mai aiki.

Wannan ya nuna abin da ake nema ga amsoshin ruɗi. Kowace tana wakiltar kuskuren da mutum na gaske zai iya yi. Wanda ya ga ƙarancin fitsari kawai zai ɗauki firosimaid. Wanda kalmar jijjiga ta tsaya masa a rai zai ɗauki diyazifam, maganin da zai ƙara danne numfashin da ya riga ya raunana. Kuma dukkansu jinsi ɗaya ne, magunguna, ba a gauraya magani da gwaji da sunan cuta ba.

Kurakuran rubutu sun fi sauƙin gani. Amsar da ta fi sauran tsawo da cikakken bayani sau da yawa ita ce daidai, domin marubucin ya fi ɓata lokaci a kanta. Wadda ke ɗauke da "kullum" ko "ba ya taɓa" kusan ko yaushe ƙarya ce, tunda aikin likita bai cika samun irin wannan tabbacin ba. Kalmar da ta fito a labari ta sāke fitowa a amsa ɗaya tak ita ma manuniya ce. Tambaya mai "ban da" kuwa tana neman a zaɓi abin da ba daidai ba, kuma ɗalibi mai sani yakan faɗi don kawai idonsa ya tsallake kalmar.

In an riga an gwada tambayar a kan ɗalibai, alƙaluma na ƙara haske. Akan ware kashi 27 cikin ɗari na waɗanda suka fi maki a jarrabawar gaba ɗaya, da kashi 27 na ƙasa, a kwatanta yawan waɗanda suka ci tambayar a kowane rukuni. In na ƙasa sun fi na sama cin ta, to akwai matsala: ko amsar da aka ajiye ba daidai ba ce, ko akwai amsa ta biyu da mai zurfin sani zai iya karewa. Amsar ruɗin da ƙasa da kashi 5 cikin ɗari suka zaɓa ba ta aiki, sai a sauya ta.

Mai bita a gida ba shi da waɗannan alƙaluma, amma yana da bayanin da ke biye da amsa. Bayani mai kyau yana faɗin abin da ya kore kowace amsar ruɗi daga cikin labarin, yana kuma dacewa da ƙa'idar jinya ta yanzu, domin ƙa'idoji na canjawa, tsofaffin takardu kuwa suna nan yadda aka buga su. Sannan ko tambaya mafi kyau tana da iyakarta: ta riga ta tattaro wa ɗalibi alamomin. Ba ta auna ko shi da kansa zai tuna ya buga gwiwar, ya ƙirga numfashin, ya duba jakar fitsarin. Wannan sai jarrabawar gefen gado.