Jinin al'ada mai yawa da jiri: yaushe ne ya zama ciwo?

Jinin al'ada yana da iyakar da likitoci ke auna shi da ita. Ga macen da ta balaga, daga ranar farko ta wannan al'ada zuwa ranar farko ta mai zuwa yakan ɗauki kwana 21 zuwa 35, zubar jinin kuma ba ta cika wuce kwana 7 ba. Gaba ko baya da 'yan kwanaki ba abin damuwa ba ne. Haka nan yarinyar da ta fara al'ada tana iya shekara biyu ko uku tana tsallake wata kafin jikinta ya daidaita, macen da ta haura shekara 45 ma al'adarta takan rikice yayin da take gab da ɗaukewa.

Mata da yawa sun fi kowa sanin lissafin kwanakinsu saboda sallah da azumi, kuma wannan lissafin yana da amfani sosai a gaban likita. Sai dai kwana 15 da malaman mazhabar Malikiyya suka sanya a matsayin ƙarshen haila hukunci ne na ibada, ba ma'aunin lafiya ba. Macen da ke kwana 10 tana jini kowane wata tana bukatar a duba ta, ko da ba ta kai iyakar fiƙihu ba.

Ciwon mara iri biyu ne. Akwai wanda 'yan mata suka fi fama da shi, yana farawa ranar da jini ya zo ko jajibirinta, ya lafa cikin kwana biyu ko uku. Mahaifa ce ke murɗawa don fitar da jinin, wani lokaci har da tashin zuciya ko gudawa. Magani irin su ibufurofen yana sauƙaƙa shi idan an sha da wuri bayan cin abinci, amma mai gyambon ciki ta guje shi. Na biyun shi ne abin bincike: ciwon da ya ɓullo wa mace bayan ta shekara da shekaru ba ta san shi ba, ko yake ƙaruwa wata bayan wata, ko ya zo da zafi lokacin saduwa. Irin wannan yana iya fitowa daga ƙari, ko ciwon sanyi da ya hau mahaifa, ko kuma naman shimfiɗar mahaifa da ya tsiro a wajen da ba muhallinsa ba.

A littattafan likitanci ana cewa jini ya yi yawa idan ya haura mililita 80 a al'ada guda. Ba mai iya auna wannan a gida, don haka alamu ake bi. Idan audugar mata ko ƙunzugu na jiƙewa sharkaf cikin awa ɗaya ko biyu, ko sai an haɗa biyu, ko sai an tashi cikin dare an canza, ko jinin yana ɓata zani da shimfiɗa, ko ana ganin gudaji masu girma, to ya wuce ƙima. Matsalar ita ce wadda ta saba da haka tun tana budurwa takan ɗauka kowa ma haka yake, musamman idan uwarta da yayyenta duk haka suke.

Jiri a nan yake shigowa. Ɗan jiri a ranar farko saboda zafin ciwo ko rashin cin abinci yana wucewa. Wanda ke nuna ƙarancin jini kuwa ba ya tafiya da ɗaukewar al'ada. Mace za ta riƙa ganin duhu idan ta miƙe tsaye, tana haki a kan ɗan aikin da a da ba ya gajiyar da ita, zuciyarta na bugawa da sauri. Idan aka ja fatar ido ta ƙasa sai a ga cikin ya yi fari fat, tafin hannu ma ya koɗe. Wasu sukan kamu da kwaɗayin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara, alamar da ake yawan yi wa dariya alhali tana nuna sinadarin ƙarfe ya ƙare a jiki. Da wannan sinadari ake ƙera jan jini, kowace zuba kuma tana tafiya da wani kaso nasa.

Misali, a ɗauki mace mai shekara 36. A da kwana 5 take yi, yanzu ta koma 9, kuma a kwana ukun farko ba ta iya fita unguwa. Mararta ta ɗan tasa kamar mai ƙaramin ciki, tana yawan fitsari. Al'adar dai tana zuwa kan lokacinta, kuma wannan shi ne babban abin lura, domin jini mai yawa da ke zuwa daidai lissafi ya fi nuni zuwa ga ita kanta mahaifar. A asibiti za a fara da gwajin ciki, a auna jini, sannan a yi hoton mara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce macen da ba ta da ciki tana da ƙarancin jini idan himogulobin ɗinta ya gaza 12, ƙasa da 8 kuma ya yi tsanani. A takardar gwaji an fi ganin PCV, inda 36 ke daidai da 12 ɗin nan. A ce nata ya nuna 27, hoto kuma ya nuna ƙari mai santimita 4 da ya turo cikin ramin mahaifa.

Wannan ƙarin shi ne faiburoyid, curin nama da ke tsirowa daga tsokar mahaifa. Ba daji ba ne, kuma ya fi yawa a matan baƙar fata, yana kama su da wuri. Mazauninsa ya fi girmansa tasiri: ƙarami da ke cikin ramin mahaifa yana iya zubar da jini fiye da ƙato da ke ta waje. Da yawa ba sa damun mai su, ba kuma sai an taɓa su ba, domin sukan motse bayan al'ada ta ɗauke.

Maganin matar nan kashi biyu ne, don ba a cika randar da ke yoyo sai an toshe ta. Za a ba ta ƙwayar ƙarin jini, ta ci gaba da sha har wata uku bayan gwaji ya dawo daidai. Ƙwayar tana mayar da bayan gida baƙi, wannan ba komai ba ne, amma kada a kora ta da shayi, don yana hana hanji tsotse ta. Hanta, nama, wake da zogale suna taimakawa, sai dai abinci kaɗai ba ya cike irin wannan giɓi. Don rage zubar kuma akwai tiranekzamik asid da ake sha a kwanakin jini, da magungunan homon, da robar mahaifa mai ɗauke da homon. Idan duk ba su yi ba, ana iya cire ƙarin a bar mahaifa ga mai son haihuwa.

Matsalar homon kuwa lissafin take rikitawa. Mace ta yi wata biyu ko uku shiru, sai jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa, saboda ƙwai bai fita ba, shimfiɗar mahaifa ta yi ta kauri. Idan da ƙiba, ƙurajen fuska da gashi a haɓa, likita zai yi zargin cutar da ake rubutawa PCOS. Ciwon maƙoƙo, fitar ruwan nono ba tare da shayarwa ba, da allurar tazarar haihuwa duk suna iya canza al'ada.

Wasu alamun ba a kwana da su a gida. Ɓatan wata da ya zo da ɗigon jini, ciwo a gefe guda na mara da jiri ko suma yana iya zama cikin da ya zauna a wajen mahaifa, kuma yana kisa cikin sa'o'i idan ya fashe. Haka ma jinin da ke jiƙa auduga kowace awa har awa biyu ko fiye a jere. Jini bayan saduwa, da duk jinin da ya dawo bayan al'ada ta ɗauke shekara guda, suna bukatar a duba bakin mahaifa da shimfiɗarta don a tabbatar ba daji ba ne.