Yadda ake warware 2sin²x = sin x ba tare da ɓatar da amsa ba

Lissafin 2sin²x = sin x na ruɗin ɗalibai da yawa, domin hannu kan yi saurin raba ɓangarorin biyu da sin x. Yin haka na jefar da duk amsar da sin x ya zama sifiri.

Hanyar da ta dace ita ce a sa u a madadin sin x, a kwaso komai gefe guda: 2u² − u = 0, wato u(2u − 1) = 0. Ke nan u sifiri ne ko rabi. Daga 0° zuwa ƙasa da 360°, sifiri na ba da 0° da 180°, rabi kuma 30° da 150°.

Da a ce u ya fito 2, sai a watsar da shi, tunda sin x ba ya wuce 1.