Ina Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Kafa Iyakar Asararsa?

Mai cinikin hannun jari ko kuɗaɗen waje ta intanet yakan sa wa cinikinsa iyaka, wato farashin da in an faɗo kansa za a sayar masa da kayan nan take, kada asara ta yi yawa. A manhajar ciniki sunanta Stop Loss. Da yawa suna kafa ta da ka, tazara ɗaya kullum, ko kasuwa na kwance ko tana tangal-tangal. A ganina wannan babban kuskure ne.

A 1978 wani Ba'amurke, J. Welles Wilder, ya fito da ma'aunin ATR, mai nuna matsakaicin kai-komon farashi. Kowace rana ana duba tazara uku a ɗauki mafi girma: tsakanin ƙololuwar farashin ranar da mafi ƙasƙancinsa, da tsakanin kowannensu da farashin da aka rufe da shi jiya. Sa jiya a lissafin yana da dalili. In an rufe a dala 50, yau aka yi ciniki tsakanin 53 da 54, motsin gaskiya dala 4 ne, ba 1 ba. Daga nan sai a fitar da matsakaici, galibi na kwana 14.

A ce kana da dala 10,000, ka ƙudura ba za ka yi asarar fiye da dala 100 a ciniki ɗaya ba. Hannun jarin yana dala 50, ATR kuma dala 1. Ka ninka shi biyu, tazararka dala 2 ke nan, iyakarka tana 48. Raba 100 da 2, za ka sayi hannun jari 50.

To, kasuwa ta rikice, ATR ya kai dala 2.5. In ka bar tazarar dala 2, kai-komon yini guda ya isa ya fitar da kai, ko da hasashenka daidai ne. Sai ka faɗaɗa ta zuwa dala 5, iyaka ta koma 45. Nan ne mutane ke tuntuɓe: su faɗaɗa tazara, su manta da rage yawan abin da suka saya. Mai hannun jari 50 yanzu dala 250 ya jefa cikin haɗari. Daidai shi ne ka sayi 20 kawai. Wannan lissafi na sabon ciniki ne; wanda ka riga ka shiga, kada ka ja iyakarsa baya don farashi ya kusanto ta.

ATR ba ya faɗin inda farashi ya nufa, kuma abin da ya wuce kaɗai yake aunawa. Ranar 15 ga Janairun 2015 Babban Bankin Suwizalan ya daina tsare faran a kan 1.20 ga kowane yuro. Kafin nan farashin ya daɗe a kwance, ATR ɗan mitsitsi. Cikin mintuna farashi ya tsallake iyakokin mutane, aka sayar musu can ƙasa, wasu har suka fita da bashi. Don haka in ka ga ATR ya yi ƙasa ainun, lissafi yana ba ka damar saye mai yawa, ka rage da kanka, musamman in da kuɗin aro kake ciniki.