"A Ɗan Duba Min Kurakurai": Amsar Da Wata Edita Ta Bayar

Wani tsohon hedimasta ya shafe shekaru yana rubuta tarihin kasuwar garinsu. Da ya kai shafi 140, babi 9, sai ya tura wa wata edita mai zaman kanta a Kano, ya ce ta ɗan duba masa kurakurai kafin ya kai maɗaba'a. Ta karanta babi biyu, ta leƙa saura, sannan ta aika masa da saƙon da na samu izinin kawo wani yanki nasa:

"Ranka ya daɗe, Baba, na ga aiki, Allah ya ƙara basira. Shawarata mu bi shi sau uku. Da farko zan duba tsari kawai, ba zan taɓa ko waƙafi ba, in aiko maka da bayani na shafi uku ko huɗu. Idan ka gyara ka ce ka gamsu, sai in shiga jimloli. Karatun ƙarshe sai an jera littafin shafi-shafi. Kowane zango da kuɗinsa da wa'adinsa, kuma wanda muka rufe ba za mu sake buɗe shi ba sai da sabon lissafi."

Baban ya ɗan ji haushi, don a ganinsa aiki ɗaya aka raba uku domin kuɗi ya ƙaru. Abin da karatun farko ya tono ne ya sauko da shi. Labarin gobarar kasuwar ya zo a babi na 3, ya sake zuwa a na 7 da shekara daban. Babi na 5, shafi 18 cur, tarihin makarantar da ya shugabanta ne, babu ruwansa da kasuwa. Yadda aka kafa kasuwar kuwa sai a babi na 4 mai karatu zai ji. Aka cire na 5, aka haɗe labarin gobara wuri guda, aka dawo da na 4 gaba. Da editar ta fara da farautar ɗigo da waƙafi, da ta ɓata kwanaki tana goge shafuka 18 da za a zubar, shi kuma da ya biya ladan gugar. Tela ba ya yi wa riga aiki a wuya kafin ya tabbatar ta shiga jikin mai ita.

A zango na biyu ta kunna Track Changes a Word, yadda zai ga kowace kalma da ta taɓa, ya karɓa ko ya ƙi. Nan ta datse jimlolin da suka kai layi shida, ta tambaye shi wane ne "shi" inda sarakuna biyu ke cikin sakin layi ɗaya. Ta kuma buɗe takardar da take rubuta abin da suka tsayar: "sarkin kasuwa" ko "shugaban kasuwa", lambobi da alƙaluma ko da kalmomi. Karin harshen garinsu da ke bakin dattawan da ya yi hira da su ta bar shi yadda yake. A ganina nan ake gane edita ta ƙwarai, don mai rawar hannu sai ta mayar da kowa Bakano.

Karatun ƙarshe a PDF ake yi, kuma mu masu Hausa muna da dalili na musamman. Idan mai jera shafuka ya zaɓi salon haruffa da ba shi da ɓ, ɗ da ƙ, sai su koma 'yan akwatuna ko su fito da wata siffa daban, abin da babu shi a fayil ɗin asali. Nan ake kama "ya na" da "zasu", a mayar da su "yana" da "za su", a raba "akan sayar da gero" da "a kan tabarma". Nan ne kuma ta gano wani ya danna Replace All don sa wa "kafa" lanƙwasa, littafin ya cika da "an ƙafa kasuwar".

Tsarin bai dace da kowane aiki ba; sanarwar shafi ɗaya zama ɗaya ya ishe ta. Inda yake yawan rushewa shi ne marubuci ya tuna wani labari bayan an jera shafuka. Baban ma ya kawo sakin layi biyu a ƙurarren lokaci, suka tura babi na 6 gaba da shafi ɗaya, lambobin da ke jerin abubuwan ciki suka daina dacewa tun daga nan. Ta tura masa saƙonta na farko ya sake karantawa, ya biya kuɗin ƙarin kwana biyu ba gardama.