Yadda ake gane barazanar gaske da ta fatar baki idan sabon ɗan kasuwa zai shigo

Idan kamfani ɗaya ne ke riƙe da kasuwa, sai ya ji labarin wani na shirin shigowa, yakan yi barazanar karya farashi har sabon shigan ya tsiyace. Abin da ke gaban sabon shigan shi ne ya gane ko za a aiwatar da barazanar, ko kuwa kuri ne kawai. Masana tattalin arziki suna warware wannan da wani zane da suke kira bishiyar wasa. Ana kiransa bishiya domin yana farawa daga tushe ɗaya, duk inda wani zai yanke shawara sai ya rabu zuwa rassa, a ƙarshen kowane reshe kuma a rubuta ribar da kowa zai samu.

A ɗauki misalin wani gari da ke da injin casar shinkafa guda ɗaya, wanda mai shi ke samun ribar naira miliyan 10 a shekara. Wani ɗan kasuwa yana tunanin kafa nasa injin. Tushen bishiyar shawararsa ce, kuma rassa biyu ne: ya shigo, ko ya haƙura. In ya haƙura, bai samu komai ba, bai kuma yi asara ba, tsohon hannu ya ci gaba da cin miliyan 10. In ya shigo, shawara ta koma wurin tsohon hannu, shi ma da rassa biyu. Zai iya barin farashi yadda yake su raba kasuwa, ya samu miliyan 5, sabon shiga ya samu miliyan 3. Zai kuma iya karya kuɗin casar buhu, ribarsa ta sauko miliyan 2, sabon shiga ya yi asarar miliyan 2.

Bishiyar nan daga ƙarshe ake karanta ta, a dawo zuwa tushe. Ana fara tambaya: idan sabon injin ya riga ya tashi, yana aiki, mene ne zai fi wa tsohon hannu? Miliyan 5 ta zaman lafiya ta fi miliyan 2 ta faɗa, saboda haka sai a soke reshen faɗa. Daga nan a koma ga sabon shiga, wanda yanzu zaɓinsa ke tsakanin miliyan 3 da sifiri. Zai shigo. Ko nawa tsohon hannu ya yi ta rantsuwa tun farko, ranar da abin ya tabbata aljihunsa ne zai hana shi cika alkawarin, domin karya farashin zai ci masa miliyan 3 ba tare da ya dawo masa da kasuwar jiya ba. Ma'aunin ke nan: barazana tana da ƙarfi ne idan aiwatar da ita shi ne mafi alheri ga mai yin ta a lokacin da aka ƙure shi. Masanin nan na Jamus, Reinhard Selten, shi ya tsara wannan ma'auni a 1965, kuma a 1994 ya karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki tare da John Nash da John Harsanyi.

Tun da baki ba ya canza lissafi, tsohon hannu sai ya canza lambobin da ke ƙarshen rassan, kuma tun kafin abokin hamayya ya yanke shawara. A ce ya girka wani babban inji da zai riƙa cin masa miliyan 2 kowace shekara. A lokacin zaman lafiya tsohon injinsa ya ishe shi, saboda haka sabon bai ƙara masa komai ba. Amfaninsa yana fitowa ne lokacin faɗa, sa'ad da araha ta jawo manoma da buhuna suka yi yawa, ya ƙara masa miliyan 4. Yanzu in shi kaɗai ne zai samu miliyan 8. In sun raba kasuwa zai samu miliyan 3. In ya yi faɗa, miliyan 2 ɗin da ya saba samu za a cire mata 2 a ƙara mata 4, ta zama miliyan 4. Faɗa ya fi zaman lafiya riba, don haka barazanar ta zama gaske. Sabon shiga ya ga asarar miliyan 2 na jiransa, sai ya haƙura. Tsohon hannu ya tsira da miliyan 8 maimakon miliyan 5, alhali bai karya farashi ko na rana ɗaya ba. Avinash Dixit ya yi bayanin irin wannan dabara a wani nazari na 1980.

Dabarar tana da sharuɗɗa uku. Na farko, kuɗin da aka kashe ya zama ba ya dawowa. Idan injin haya ne, ko ana iya sayar da shi a mayar da kuɗi, to da zarar sabon shiga ya shigo tsohon hannu zai rabu da shi ya koma miliyan 5, wadda ta fi miliyan 4, barazanar ta rushe. Na biyu, abokin hamayya ya gani da idonsa, domin gani ya kori ji, kuma injin da aka ɓoye ba ya tsorata kowa. Na uku, kuɗin kada ya wuce abin da ake karewa. Da injin zai ci miliyan 6 a shekara, abin da zai rage miliyan 4 ne, gara a raba kasuwar.

An ga makamancin haka a Amurka. Kamfanin Alcoa ya daɗe shi kaɗai ke samar da sabon alminiyam a ƙasar. A hukuncin 1945, alƙali Learned Hand ya same shi da laifin mamaye kasuwa, kuma cikin hujjojinsa akwai yadda kamfanin ke faɗaɗa masana'antunsa tun kafin buƙata ta taso, ta yadda babu gurbin da wani zai shiga. Wannan ya nuna cewa dabarar da ta ci nasara a lissafi tana iya karo da doka.

Akwai kuma batun suna. A 1978 Selten ya kawo misalin kamfani mai shaguna a garuruwa 20, wanda masu hamayya ke tunkara ɗaya bayan ɗaya. Hankali yana nuna ya yi faɗa a garin farko don sauran su ji tsoro. Amma in aka karanto daga ƙarshe, a gari na 20 babu sauran wanda za a tsorata, don haka ba zai yi faɗa ba. Tun da an san haka, faɗa a na 19 ma ba shi da amfani, haka har zuwa na farko. Selten da kansa ya ga wannan sakamako bai dace da halin 'yan kasuwa ba. A 1982 David Kreps da Robert Wilson, da kuma Paul Milgrom da John Roberts, suka nuna inda gizo ke saƙa: misalin ya ɗauka kowa ya san lissafin tsohon hannu ciki da waje. Idan akwai ɗan shakku, ko da kaɗan ne, cewa kuɗin aikinsa ya fi arha ko shi mutum ne mai taurin kai, to faɗa a garuruwan farko yana iya biyan kansa, domin yana ƙarfafa wannan shakku a zukatan masu zuwa.

Saboda haka mai auna barazana yana duba ribar tsohon hannu a reshen faɗa da ta reshen zaman lafiya bayan an riga an shigo, sannan ya duba ko ya kashe kuɗin da ba ya dawowa wanda ya juya wannan lissafi, da kuma ko yana da wasu kasuwanni da masu kallo da zai so ya tsorata. Lambobin da ke kan rassan ƙiyasi ne, kuma inda tazarar ta yi ƙanƙanta, kamar miliyan 4 da miliyan 3, ƙaramin kuskure a kuɗin man inji ko yawan buhuna yana iya juya amsar.