Wuta a ƙasa, ƙanƙara a sama: yadda firigon gaz da na kananzir ke yin sanyi

A watan Afrilun bara, ana tsakiyar zafin bazara, aka kira ni wani ƙauye a arewacin jihar Maradi. Firigon ƙungiyar makiyaya ya daina sanyi, kuma a cikinsa akwai maganin rigakafin ciwon huhu na shanu da za a fita da shi bayan kwana uku. Ma'aunin zafi ya nuna digiri 14, alhali ƙa'idar ajiye maganin rigakafi ita ce tsakanin digiri 2 da 8. Ma'ajin ƙungiyar, dattijo ne mai kula, ya tarbe ni da cewa: "Malam, kananzir na nan cike, wuta na ci, har na ƙara mata ƙarfi. To ina sanyin ya tafi?"

Amsar tana cikin yadda irin wannan firigo yake aiki. Wanda ya gane shi zai iya gyara yawancin matsalolinsa da hannunsa, ba tare da ya jira zuwanmu ba.

Mu fara da abin da kowane makiyayi ya sani. Idan ka rataye salkar ruwa a inuwa, iska na kaɗawa, ruwan ciki zai yi sanyi. Dalili shi ne ruwan da ke tsattsafowa a jikin fata yana bushewa, kuma duk ruwan da zai bushe sai ya kwashi zafi daga abin da yake manne da shi. Haka randa take yi, haka gumi yake yi a jikinmu. Kun kuma lura cewa salka ta fi sanyi lokacin hunturu da iska ke bushe, a kan damina da iska ke cike da laima. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Kowane firigo da wannan dabara yake aiki: akwai wani ruwa a cikin bututu da ke bushewa, yana kwashe zafin abin da aka ajiye. Wuyar aikin ita ce maido da tururin ya sake zama ruwa domin a maimaita. A firigon lantarki, injin da ake kira kwamfaresa ne yake matse tururin, shi ne wanda kuke jin gurnaninsa a baya. Namu ba shi da inji ko ɗaya. Wasu ɗalibai biyu na ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, su ne suka ƙago shi a 1922, suka sa ƴar wuta ta yi aikin da inji ke yi.

Abubuwa uku ne a rufe cikin baƙaƙen bututun da ke bayan firigon. Na farko amoniya, wadda ita ce mai kawo sanyin. Kun san warinta, shi ne warin nan mai hawa kai da ke tashi a garken da fitsari ya daɗe. A sarari tana tafasa tun a digiri 33 ƙasa da sifiri, wato ba ta son zama ruwa sai an matse ta, shi ya sa bututun yake cike da matsi mai ƙarfi. Na biyu ruwa ne, wanda yake shanye amoniya kamar yadda gishiri ke shan laima da damina. Na uku wata iska ce marar nauyi da ake kira haidurojin.

Tafiyar tana farawa a ƙasa, wajen wuta. A nan akwai ƴar tukunya mai ɗauke da ruwan da ya ƙoshi da amoniya. Da zafi ya kama shi, amoniya ce ke fara tashi ta zama tururi. Kumfar tururin tana hawa cikin wani siririn bututu, tana tura ruwan sama a gabanta, kamar yadda madara ke tasowa idan ta tafasa. Wannan kumfa ita ce kaɗai famfon da firigon yake da shi. A sama sai su rabu: ruwan, wanda yanzu ya rage amoniya, ya gangara ta hanyarsa, tururin kuma ya ci gaba da hawa.

Can saman bayan firigon akwai bututu mai faifan ƙarfe jere kamar haƙoran mataji. A nan iskar ɗaki take hura tururin, ya huce, ya koma ruwan amoniya. Shi ya sa wurin yake da ɗumi idan ka taɓa.

Daga nan ruwan amoniyar yana gangarawa da nauyinsa zuwa bututun da ya ratsa cikin firigon, wajen da ƙanƙara ke kamawa. A nan yake haɗuwa da haidurojin. Ku tuna salka da iskar hunturu. Haidurojin ita ce busasshiyar iskar: tana zuwa kusan ba amoniya a cikinta, saboda haka ruwan amoniyar yana bushewa cikinta da sauri, yana kwashe zafin cikin firigon. Nan ne sanyin yake samuwa.

Haidurojin da ta ɗauki amoniya ta yi nauyi, sai ta nutse ƙasa zuwa wani bututu mai lanƙwasa da yawa. A nan take cin karo da ruwan nan da ya rabu da amoniya tun farko, yana gangarowa da ƙishirwarsa. Ruwan ya shanye amoniyar, haidurojin ta koma marar nauyi ta sake hawa, ruwan kuma ya taru ya koma tukunya. Sai zagayen ya sake farawa, dare da rana, ba ƙara, ba abin da ke juyawa.

Idan kun bi tafiyar nan za ku ga abu biyu kawai ke motsa komai: zafi yana kai abu sama, gangare yana maido shi ƙasa. Saboda haka firigon yana buƙatar wuta daidai, tsayuwa daidai, da iska a bayansa. Da waɗannan ukun na bi firigon ƙauyen nan.

Na fara da wuta. Harshenta ya kamata ya zama shuɗi, ya zagaye lagwani daidai, ba hayaƙi. Na tarar da ita ja-ja tana hayaƙi, domin dattijon ya ɗaga lagwani da niyyar ƙara sanyi. Jar wuta ba ta kai shuɗiya zafi ba, kuma tana shafe cikin bututun hayaƙi da baƙin kunkunniya, wanda ke hana zafi isa tukunya. Na kashe, na jira ya huce. Na zaro ɗan murɗaɗɗen ƙarfen da ke rataye cikin bututun hayaƙi, wanda aikinsa shi ne rage gudun zafi don kada ya fice banza, na goge shi, na share bututun da burushi, na daidaita bakin lagwani, na mayar da komai.

Sai na zo tsayuwa. Na ɗora faranti a kan firigon na zuba ruwa kusan baki. Ruwan ya taru gefe guda. Ashe makonni biyu da suka wuce an ja firigon zuwa lungu don a sami wurin buhunan dussa, kuma daɓen lungun ya zauna. Bututun nan an yi su da ɗan gangare kaɗan. Idan firigon ya karkace, ruwan amoniya yana kwanciya a inda bai kamata ba ya tare hanya, tukunya kuma ta yi ta cin wuta ba ruwa isasshe. Idan aka bar shi haka ya daɗe, wani garin magani da aka sa cikin ruwan don hana tsatsa yana daskarewa ya toshe siririn bututun famfo, kuma wannan toshewa ba ta gyaruwa a ƙauye. Alamar da na gani ita ce wajen tukunya ya yi zafi ƙwarai, amma bututu mai lanƙwasa, wanda ya kamata ya yi ɗumi, yana nan sanyi.

Na uku iska. Firigon ya manne da bango, an kuma ɗora tabarma a samansa ta rufe baya. A bazara ɗakin kwano yana wuce digiri 40, kuma idan faifan sama ba su sami iska ba, tururi ba zai koma ruwa yadda ya kamata ba. Muka janye shi, muka bar tazara kamar santimita 30 tsakaninsa da bango, muka cire tabarmar, muka sa katako ƙarƙashin ƙafafu har ruwan faranti ya kwanta daidai.

Kafin mu taɓa komai mun riga mun kwashe maganin cikin akwatin sanyi da ƙanƙara zuwa wani firigo a garin da ke kusa. Da na duba littafin rajista na ga kwana biyu ke nan yana sama da digiri 8, sai na kai rahoto ga shugabanmu don ya yanke hukunci a kan maganin. Rigakafin huhu ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, zafi yana rage mata ƙarfi, kuma ido ba ya gane kwalbar da ta lalace. Saniyar da aka yi wa allura da mataccen magani, mai ita zai ɗauka ta tsira, alhali tana nan a buɗe.

Muka bar firigon ya huta har yamma domin ruwan ciki ya koma mazauninsa, sannan muka kunna. Irin wannan firigo ba ya gaggawa, sai an yi awoyi kafin a ji sanyi. Washegari da safe ma'auni ya nuna digiri 5. Muka ƙara masa yini guda babu komai ciki, muna dubawa, kafin mu yarda da shi.

Ga abin da na bar wa ma'ajin, na kuma bar muku. Ku duba ma'auni safe da yamma ku rubuta. Na kananzir yawanci ba ya daidaita sanyinsa da kansa, ku ne za ku riƙa ɗaga lagwani ko rage shi kaɗan, musamman a daren hunturu, domin maganin da yake ruwa a kwalba, kamar na harbin daji, daskarewa na ɓata shi. Ku tace kananzir da ƙyalle mai tsabta, kuma kada ku taɓa zuba fetur a tankin, gobara ce. Idan na gaz ne, ku gwada mahaɗar tiyo da ruwan sabulu, ba da ashana ba. Ku bar taga a buɗe, kada kowa ya kwana a rufaffen ɗaki tare da shi, domin wutar da ba ta ci da kyau tana fitar da iska mai guba marar wari.

Abu guda ne ba naku ba ne, ba kuma nawa ba. Idan kun ji warin amoniya, ko kun ga gari ruwan ɗorawa a jikin bututun baya, bututun ya huje. Ku kashe wuta nan take, ku buɗe ƙofa da taga, ku kwashe maganin. Kada ku kai shi wajen mai walda, kada kuma ku kankare ƙanƙara da wuƙa, domin abin da ke ciki yana cikin matsi kuma haidurojin tana kama wuta. Ku sanar da ma'aikacin kiwo na yankinku tun a ranar.